Faɗuwar gaba ta dawo bayan na ɗauka na warke

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Bara na yi fama da faɗuwar gaba da bugun zuciya har na daina fita. Likita ya ɗora ni kan satralin mai 50, na samu sauƙi, na koma ɗinkina. Da na sha wata biyar sai na ajiye maganin da kaina, wata biyu ke nan. Sati uku da suka wuce abin ya kama ni a kasuwar Wunti, jiya ma ya sake kama ni cikin Keke Napep. Yanzu yara nake aika. An koma gidan jiya ke nan? Kunyar komawa wajen likita ma nake ji.

Anti Saude: Wa alaikumus salam ƙanwata. Aikina jinya ne a ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa. Ba a koma gidan jiya ba, kuma lissafinki da kanki zai nuna miki. Ɗauki takarda ki rubuta yadda kike lokacin da abin ya fi tsanani bara: sau nawa yake zuwa a sati, awa nawa kike barci, kina aiki ko ba kya yi. A gefe ki rubuta na yanzu. Sau biyu cikin sati uku, ga mai hawa keken ɗinkinta kullum, ya yi nisa da wadda ko ƙofar gida ba ta iya leƙawa.

Babban abin da nake zargi shi ne ajiye maganin. Irin wannan magani, bayan an ji sauƙi ake fara ƙirga masa lokaci. Likitoci sukan so a ci gaba da sha wata 6 zuwa 12 bayan an samu lafiya, sannan a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan cikin makonni. Ke kuwa kin yanke shi lokaci guda, tun bai kai ba. Masu yin haka suna da yawa, kuma ba wanda zai ɗauka miki laifi.

Akwai abu biyu da ake haɗawa. Idan jiki ne ke neman maganin da aka yanke masa, yakan fara cikin kwana biyu zuwa huɗu, da jiri, tashin zuciya, munanan mafarkai, da wani fizga a kai kamar wutar lantarki ta ja mutum. Naki sai da ya yi kusan sati biyar kafin ya zo, kuma da kamanninsa na dā ya zo. Wannan ya fi kama da ciwon ne ya leƙo. Ki koma asibitin da katinki yake cikin satin nan, da kwalin maganin a hannu, ki faɗi ranar da kika daina ba tare da ɓoyewa ba.

Hajiya Dije: Allah ya ba ki lafiya 'yata. Bugun zuciyar nan dai hawan jini ne, a je a auna. Ki rage gishiri da magi.

Anti Saude: Hajiya, awon ba laifi, ya ma kamata. A duba jini ko ya yi ƙasa, a duba maƙoshi, domin ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo mai sa zuciya gudu duk suna kwaikwayon fargaba. Amma abin da ke tasowa farat ɗaya a cikin cunkoso, ya kai ƙarshen ƙarfinsa cikin minti goma, ya lafa kafin rabin awa, ba haka hawan jini yake yi ba.

Baban Sadik: Ni a ganina magani ne kawai matsalar. In akwai ragowa ki ci gaba da sha daga yau, ki samu baliyam a kemis saboda barci, ki huta a gida sati biyu jikinki ya dawo.

Malam Isuhu: Baban Sadik ya yi gaskiya cewa magani na cikin zancen, amma sauran ukun ban yarda da su ba. Wadda ta yi wata biyu ba ta sha ba, likita ne zai ce da nawa za ta fara. Sau da yawa da ƙarami ake somawa, domin satin farko ko na biyu maganin kan ƙara fargabar, kuma amfaninsa sai an yi sati huɗu zuwa shida yake fitowa sosai. Wanda bai san haka ba sai ya ce magani ya daina yi masa aiki, ya sake jefarwa. Baliyam kuwa yana kwantar da mutum yau, ya kama shi gobe. Ko likita ba ya son a wuce sati biyu zuwa huɗu a kansa.

Zaman gidan ne ya fi tayar min da hankali, Maman Ilham. Lokacin da kika samu sauƙi, tsoron dā ba gogewa ya yi ba. Ƙwaƙwalwa ta koyi sabon darasi ne a kansa, cewa kasuwa ba ta kashe ki. Rashin barci, gajiya, rashin lafiya ko wata damuwar gida sukan sa tsohon ya ɗago kai. Sabon darasin yana nan, kuma sake koyonsa ya fi na farko sauri. Abin da ke mai da tuntuɓe ya zama faɗuwa shi ne gudu. Duk ranar da kika aiki yaro, za ki ji sanyi a ranki nan take, ƙwaƙwalwa kuma ta rubuta cewa rashin zuwan ne ya cece ki.

Ki bi shi hawa-hawa. Gobe da safe ki je shagon unguwarku ki sayo zare da kanki. In kin yi haka kwana biyu ko uku, ki hau Napep tafiyar minti biyar ki dawo. Daga nan ki je bakin Wunti da hantsi kafin a cika, ki tsaya wajen masu atamfa minti ashirin. Sai ranar da ake turereniya ta zo ƙarshe. Kowane hawa ki ba tsoron maki daga 0 zuwa 10 da isarki, ki sake ba shi kafin ki tafi. In kin isa yana 8, kada ki juya yana 8. Ki tsaya ki ga ya sauko da kanshi, ko da zuwa 4 ne. Numfashi ki ja ta hanci kina ƙirga huɗu, ki sake a hankali kina ƙirga shida. Kada ki riƙa zuƙar iska da ƙarfi, shi ke kawo jiri da sandarewar yatsu, sai ki ɗauka suma za ki yi. In rana ɗaya kin gudu, ki koma wurin washegari, kada sati ya shiga tsakani.

Anti Saude: Ƙari a kai, ki duba abin da ya canza kafin ranar Wuntin. Masu ɗinki in aikin biki ya taru sukan raba dare, ga shayi mai kauri, ga goro ko lemon ƙara kuzari. Waɗannan kaɗai sun isa su sa zuciya gudu. In kuma kin wayi gari ba kya cin abinci, ba kya barci kwana da kwanaki, ko tunanin gara mutuwa ya fara zuwa miki, kada ki jira ranar asibiti, ki sa a kai ki a ranar. Haka ma ciwon ƙirji mai danna ki yana sauka hannu.

Maman Ilham: Wallahi kayan biki na karɓa, na yi wajen kwana goma sai biyun dare nake kwanciya. To zan iya tafiya da ƙanwata?

Malam Isuhu: Fita biyun farko ku je tare, na uku ta tsaya a bakin titi. In ta zama ba kya fita sai da ita, an canza wa tsoron riga ne kawai.

Anti Saude: Ni zan fi sassauta mata, Malam. A satin da za ta koma magani jiki kan yi rawa, rakiyar sati biyu ba za ta ɓata komai ba. Maman Ilham, ki tafi da takardar nan ta makin tsoro ki nuna wa likita, ki kuma tambaye shi ko akwai mai koyar da wannan atisayen a asibitin.