Malamai biyar, darussa biyar, amma ɗaya ya rasa

Rukayya: Salamu alaikum. An ba mu aiki a kan giraf mai ɓangare biyu, wato zane mai malamai a gefe ɗaya, darussa a ɗaya gefen, da layi tsakanin malami da duk darasin da yake iyawa: a haɗa kowane malami da darasi ɗaya nasa shi kaɗai. A na iya koyar da 1 da 2, B 2 da 3, C 1 da 3, D 1, 2 da 3, E kuma 3, 4 da 5. Na ba A 1, B 2, C 3, E 4, D ya tashi a tutar babu. Rabon nawa ne bai yi ba, ko dama ba ya yiwuwa?

Nasiru: Wa alaikumus salam. Sake jujjuyawa dai. Kowa na da aƙalla darussa biyu, ai dole ya yiwu.

Malam Bello: Nasiru, ka ɗan kauce. Abin da kake tunawa sakamakon König ne na 1916, kuma sai idan kowane malami da kowane darasi suna da layuka daidai wa daida. A nan malamai huɗu ne ke iya 3, amma 5 mutum ɗaya ne.

Rukayya, fara daga D da ya rasa. Yana son 1, amma yana hannun A. In A ya saki, sai ya koma 2, wanda ke hannun B. B zai koma 3, na C ke nan, shi kuma C ba shi da mafita sai 1, inda muka faro. Duk inda kika bi ba ki isa darasin da babu mai shi ba. To ƙirga waɗanda kika taka: malamai huɗu, A, B, C, D, darussa uku kacal. Mutum huɗu ba sa rabon kujera uku, don haka huɗun da kika samu su ne iyaka.

Sharaɗin da Philip Hall ya tabbatar a 1935 ke nan: kowa zai samu idan, kuma sai idan, duk rukunin malamai S da kika ɗebo, darussan da suke iyawa gaba ɗaya ba su gaza yawansu ba, wato |N(S)| ≥ |S|. Rukuni ɗaya ya karya shi, magana ta ƙare.

Hadiza: Mu a makarantarmu rigimar ita ce kowa na son darasin safe. Wannan zai raba mana gardama?

Malam Bello: A'a Hajiya, nan ba a duba wanda aka fi so, iyawa kawai.

Rukayya: Na gode Malam. Ke nan sai na gwada duk rukunoni?

Malam Bello: Kada ki soma. Mutum biyar rukuni 31 ne, mutum 20 kuwa sun haura miliyan. Bin sawun nan ya wadatar. Da B na iya 5, da sawun ya kai ki can: D ya karɓi 2, B ya koma 5, haɗi ya zama biyar. Berge ya nuna a 1957 cewa in babu irin wannan hanya daga duk wanda ya rasa, haɗin ya kai maƙura.

Nasiru: To in aka yarda E ya ɗauki 4 da 5 duka fa? Darussa dai sun samu malamai.

Rukayya: Amma D na nan zaune. Ko a hakan ma za a kira shi cikakken haɗi? Zan tambayi malaminmu gobe.