Taƙaitawa: VPN da nauyin intanet

Ga abin da aka tattauna kan ko VPN, wato manhajar da ke kulle bayananka don ɓoye zirga-zirgarka a intanet, na sa intanet nauyi:

1. Kowa ya yarda cewa VPN na kai bayananka wata sabar, wato kwamfutar masu VPN ɗin, kafin su isa inda ka nufa. In sabar tana nesa ko ta cika da jama'a, shafi zai yi ta jan ƙafa. Kulle bayanan ma na gajiyar da tsohuwar waya.

2. Gwajin adalci: ka kashe VPN gaba ɗaya, ba fita daga manhajar kawai ba, sai alamar mabuɗi ko ta VPN ta ɓace a saman allo. Ka auna gudun intanet sau uku a kashe, sau uku a kunne, a wuri ɗaya.

3. An rabu a nan: wasu sun ce in kamfanin layi na rage gudun bidiyo da gangan, VPN na iya fin sauri.