Bulutut ya haɗu amma yana yankewa: kowa ya kawo abin da ya gani

Maman Ilham, Kaduna: Assalamu alaikum jama'a. Ina buga wa ɗalibai furojet a gida da laftof da kibod na bulutut. Haɗuwa kam yana haɗuwa, babu gardama. Amma ina tsakiyar rubutu sai harafi ɗaya ya maƙale ya yi ta maimaita kansa, kkkkkk har rabin layi, daga nan kibod ɗin ya ɗauke na ɗan lokaci ya dawo. Abin da na lura shi ne in akwai wuta lafiya lau nake aiki, da an ɗauke sai abin ya fara. Na sa wa kibod ɗin sabon batir, bai sauya komai ba. Duk wanda ya taɓa gamuwa da irin wannan, a kibod ne ko a hedifon, don Allah ya faɗi yadda nasa ya kasance da abin da ya yi masa magani.

Sagir Mai Kafe: Wa alaikis salam Hajiya. Wannan ai a fili yake. Da an ɗauke wuta laftof ya koma kan batir, shi kuma Windows ya fara tsumulmula yana kashe abin da yake ganin ba a amfani da shi. Ki danna dama a kan Start ki buɗe Device Manager, ki buɗe Bluetooth, ki nemi layin da ke ɗauke da sunan katin bulutut ɗin kansa, galibi za ki ga Intel ko Realtek ko MediaTek a jiki. Ki shiga Properties, sai Power Management, ki cire alamar da ke gaban wannan:

```
Allow the computer to turn off this device to save power
```

Haka na yi wa kwamfutocin shagona, tun daga ranar linzaminsu bai sake barci ba.

Maman Ilham: Na gode Malam Sagir. Na cire alamar jiya da daddare. Yau da aka ɗauke wuta ya sake yi, sak yadda yake yi da.

Injiniya Auwal, Zariya: Shawarar Sagir mai kyau ce, kuma a bar alamar a cire, amma ba ta yi kama da ciwon Hajiya ba. Yankewar da tattalin batir ke jawowa tana da kamanninta. Sai ka bar kibod ɗin ya zauna shiru na wasu mintoci, ka dawo ka danna, haruffan farko su ɓace, sannan ya farka. Ba ta zuwa a tsakiyar bugu, domin na'urar da ke aiki ba a sa ta barci. Ita kuwa Hajiya tana cikin rubutu ne harafi ke maƙalewa. Ma'anarsa kwamfuta ta ji an danna harafin, amma saƙon da ke cewa an ɗaga yatsa bai iso da wuri ba. Wato saƙonni ne ke ɓacewa a iska, wani abu yana yi musu hayaniya. Hajiya, in an ɗauke wuta da me kike shiga intanet?

Maman Ilham: Rauta ɗinmu na falo ai da wuta yake aiki. In ya mutu sai in kunna hotsifot na waya, in ajiye ta nan gefen laftof tana caji a jikinsa.

Injiniya Auwal: To ina zargin nan ne. Bulutut da waifai na 2.4 GHz a fili ɗaya suke kiwo. Shi bulutut yana da tashoshi 79 ƙanana, yana tsalle daga wannan zuwa waccan har sau 1,600 a daƙiƙa, yana kauce wa waɗanda ya ga an cika. Waifai kuwa zama yake yi a wuri guda ya mamaye faɗin 20 MHz, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na filin ke nan. In rauta yana can falo bulutut yana iya zagaye shi. Amma waya tana taku ɗaya daga kibod tana aika bayanai da ƙarfinta, shi kuma kibod ɗan raɗa yake yi don kada ya cinye batir, dole a danne shi. Ƙari a kan haka, a yawancin laftof waifai da bulutut kati ɗaya ne, kuma eriya ɗaya suke rabawa, don haka in laftof ɗin na kan 2.4 yana sauke babban fayil, karɓa-karɓa suke yi.

Kada ki yarda da ni haka kawai, ki gwada abu biyu. Lokacin da akwai wuta, ki zare caja ki ci gaba da aiki a kan rauta. In tattalin batirin laftof ne matsalar, zai yanke. Sannan ki mayar da caja, ki bar rauta ki koma hotsifot, ki kunna wani bidiyo yana tafiya kina bugu.

Baba Ɗanjuma: Ni ma wayata ba ta ganin sifikar motata sam. Na yi ta nema ba ta fitowa. Ko shi ma waifai ɗin ne?

Sagir Mai Kafe: A'a Baba, naka daban ne, naka bai ma haɗu ba tukuna. Wataƙila rediyon motar ta cika da sunayen wayoyin da, ko tana riƙe da wayar wani a gidan. Ka sa yaro ya goge tsofaffin daga cikin rediyon ya sake nema.

Maman Ilham: Injiniya Allah ya saka da alheri. Na zare caja na yi kusan awa guda a kan rauta, ko gezau. Ina komawa hotsifot da bidiyo, ban kai ƙarshen shafi ba ya maƙale, alhali ga caja a jiki.

Injiniya Auwal: Madalla. Ki shiga setin hotsifot ki duba ko akwai wurin da aka rubuta AP band ko Band, ki mayar da shi 5 GHz. A iPhone kuma kashe Maximize Compatibility ake yi. In wayar ba ta da 5 GHz, kuma ƙananan wayoyi da yawa ba su da shi, tunda dama kina sa ta caji a jikin laftof, ki kunna USB tethering ki kashe hotsifot ɗin da waifai na laftof gaba ɗaya. Intanet zai biyo ta igiya, iska ta zama ta kibod shi kaɗai.

Maman Ilham: Tawa ba ta da 5 ɗin. Na koma igiya, kuma tun lokacin bai maƙale ba.

Nura Edita, Kano: Nawa ya ɗan yi kama da wannan amma ba hotsifot ba ne. Ina haɗa bidiyon biki a destof, shi kuma ba shi da bulutut sai na sayi ɗan dongil na soka a baya. Hedifon na aiki lafiya har sai na soka had dis ina kwafe aiki, nan take sauti ya fara tsinkewa kamar ana yanka shi da almakashi. Wani mai gyara a Titin Beirut ya leƙa bayan kwamfutar ya ce ai na sa su maƙwabtaka, dongil da had dis duk a ramukan USB 3.0 masu shuɗin ciki. Ya ce USB 3.0 in yana aiki yana fitar da hayaniya daidai wurin 2.4. Ya ba ni igiyar ƙari mai tsawon mita ɗaya, na soka ta a ramin USB 2.0 wanda cikinsa baƙi ne, na ɗora dongil ɗin a kan tebur. Shi ke nan.

Injiniya Auwal: Gaskiya ya faɗa maka, Intel ma sun fitar da takarda a kan haka tun 2012. Kuma fito da dongil daga bayan akwatin ƙarfe shi kansa rabin magani ne.

Hadiza B.K.: Ni dai ban yarda duk laifin iska ba ne. Nawa hedifon ɗin yana yankewa ne kawai in an kira ni a taron aiki ta kwamfuta. Karatu ko wa'azi zan saurara awa biyu babu matsala. Da na buɗe makirfo sai sautin ya koma kamar na tsohuwar rediyo, wani lokaci ya ɗauke gaba ɗaya.

Sagir Mai Kafe: Anti Hadiza direba ne, wato manhajar da ke sarrafa katin bulutut, ki sauke sabo.

Injiniya Auwal: Zai iya zama, amma lalacewar sautin ba cuta ba ce, haka aka gina shi. Hedifon yana da hanya biyu ta magana da kwamfuta: ɗaya ta saurare zalla mai sauti mai kyau, ɗaya ta kira mai makirfo wadda sautinta ke da rauni. Da kin buɗe makirfo dole ya sauka daga ta farko ya hau ta biyu, kuma a wurin wannan sauyin ne wasu ke faɗuwa. A Windows 10 za ki ga sunansa sau biyu, ɗaya da Stereo, ɗaya da Hands-Free. Ki zaɓi makirfon laftof a manhajar taron, ki bar hedifon ga saurare kawai. In kina so ki rufe ƙofar gaba ɗaya, a Devices and Printers ki buɗe Properties na hedifon, shafin Services, ki cire alamar Handsfree Telephony. Sai dai makirfon hedifon ya daina aiki a kwamfutar ke nan. Ki kuma duba ko yana haɗe da wayarki a lokaci guda, don masu haɗuwa da na'ura biyu sukan gudu wurin waya da zarar saƙo ya yi ƙara.

Hadiza B.K.: Makirfon laftof ɗina yana kwaso ƙarar fanka da janareton maƙwabta, ba zan iya taro da shi ba. Na kashe bulutut na waya dai, yankewar ta ragu amma ba ta daina ba.

Abba Ɗan Poli: Yaya Auwal, to yaushe ne za a ce direba ne da gaske? Ni nawa ba yankewa kaɗai yake ba, maɓallin bulutut ɗin ne ke ɓacewa daga Settings kamar laftof ɗin bai taɓa samunsa ba. In na yi Shut down na kunna ba ya dawowa, sai na yi Restart.

Injiniya Auwal: Naka ne ma ya fi kama da direba, ƙanina. Hayaniyar iska ba ta ɓatar da katin daga kwamfuta. Shut down kuma ba ya wanke komai in Fast Startup na kunne, ajiye direbobin yake yadda suke ya dawo da su, Restart ne ke loda su sabo. Ka buɗe Event Viewer, Windows Logs, System, ka nemi BTHUSB a daidai lokacin da abin ya faru. In ka ga lamba 17, katin ya faɗi an sauke direbansa. Lamba 3 kuma an aika masa umarni bai amsa ba. In abin ya fara ne bayan wani sabuntawa, ka gwada Roll Back Driver a shafin Driver na Properties ɗin katin a Device Manager. In maɓallin a dushe yake, ka sauko da direban bulutut da na waifai duka biyun daga shafin kamfanin laftof ɗin, da lambar samfurinsa, tunda kati ɗaya ne.

Abba Ɗan Poli: Na ga 17 ɗin da yawa. Na sa direbobin duka biyu, ya yi kwana biyu lafiya, yau da na ɗaga laftof ɗin daga kan katifa ya sake ɓacewa.

Sagir Mai Kafe: In ɗagawa ce ke jawo shi, ni katin nake zargi ya saki a mazauninsa. A buɗe a zare a mayar a ɗaure.

Injiniya Auwal: Ko zafi, tunda a kan katifa yake. Abba, ka yi aiki da shi a kan tebur ba tare da ka motsa shi ba, ka gani ko 17 ɗin zai sake fitowa kafin ka bari kowa ya kwance maka shi.