Yaro yana yawan fashin makaranta, me zan rubuta wa mahaifinsa?

Malama Hadiza: Assalamu alaikum. Ina koyar da aji huɗu a wata firamare a Agege. Wani ɗalibina ya yi fashi sau 7 cikin mako huɗu. Ina so in tura wa mahaifinsa saƙo a waya ba tare da ya ga kamar tuhumarsa nake yi ba. Yaya zan tsara shi?

Malam Garba: Wa alaikumus salam, Malama. Kafin ki taɓa waya, buɗe rajista ki duba ranakun. In a jere suke, yawanci rashin lafiya ne ko tafiya gida Arewa. In kuwa ranaku ne sanannu da ke maimaituwa, to akwai abin da ke riƙe shi, aike ko taya sana'a. Sannan ki rubuta kamar haka:

"Assalamu alaikum Alhaji, ya iyali, ya kasuwa? Malamar su Umar ce. A watan nan sau 7 bai zo ba, shi ne na ce bari in ji ko lafiya. In akwai abin da ya tare shi, a sanar da ni mu ga yadda za a yi. Wane lokaci ya fi dacewa in kira?"

Ki saka adadin, don "yana yawan fashi" musu yake jawowa. Amma kada "me ya sa" ta shiga ciki, "ko lafiya" ta isa. Tambayar ƙarshen nan kuma ita ke sa a amsa, domin faɗin lokaci ya fi bayyana matsala sauƙi.

Sani Idi-Araba: Ni dai na ce kuɗin makaranta ne. Ki tambaye shi kai tsaye, a huta.

Malam Garba: Zai iya yiwuwa, Sani, amma magidanci ba ya rubuta "ba ni da shi" a saƙo. Shiru zai yi, yaron kuma ya ɗauke ƙafa gaba ɗaya. A bar shi ya kawo zancen da bakinsa.

Maman Khalil: Malama, ki aika da murya, ba kowa ne karatun boko ya zauna masa ba. Kuma ki yi tunanin wa za ki tura wa. Maigidana kafin asuba yake fita kasuwar Mile 12 sauke kaya. Da yarona ya yi irin wannan, uban bai sani ba sai da saƙo ya shigo, ranar yaron ya sha duka. Ashe manyan yara ke ƙwace masa kuɗin keke a hanya.

Malama Hadiza: Na duba, huɗu daga ciki Litinin ne. Lambar uban kawai ke cikin fom ɗinmu.

Maman Khalil: To ki fara jan yaron gefe gobe, ki kuma nemi lambar uwar.

Malam Garba: Jin ta bakin yaron daidai ne, Hajiya. Amma tsallake uba a je wa uwa, a wasu gidajen shi ma rigima ne.