Makin tes yana iya faɗa mana makin jarrabawar ƙarshe? Wa ya taɓa gwadawa

Malam Sani: Salam 'yan uwa malamai. Na zuba makin ajina na bara a Excel, ɗalibai 40, tes na tsakiyar zango bisa 30 a layin B, jarrabawa bisa 70 a layin C, na buga waɗannan:

```
=SLOPE(C2:C41,B2:B41)
=INTERCEPT(C2:C41,B2:B41)
=RSQ(C2:C41,B2:B41)
=STEYX(C2:C41,B2:B41)
```

Suka ba ni 1.2, 21, 0.36 da 8. Wato jarrabawa = 21 + 1.2 × tes, mai 25 a tes ana sa ran zai ci 51. To hasashen nan abin dogaro ne kuwa?

Baban Walid: 0.36 ai ya yi kaɗan malam, ɗalibai 36 cikin ɗari kawai zai canka daidai kenan. Ni da na yi nawa 0.5 na samu ma ban yarda da shi ba.

Malama Hauwa: Baban Walid ba haka ake karanta shi ba fa. Ma'anarsa kashi 36 cikin ɗari na bambancin makin da ke tsakanin yaran ne tes ya bayyana, sauran daga wani waje yake, karatun ƙarshe, rashin lafiya, irin tambayoyin da suka fito. Ni 8 ɗin nan nake fara dubawa don da maki yake magana, shi ne gwargwadon kuskuren da hasashen yakan yi sama ko ƙasa. Yaron da aka ce 51, kusan biyu cikin uku na irinsa za su faɗo tsakanin 43 da 59, in kana son ka kusa tabbata sai ka ninka, 35 zuwa 67 kenan, ka ga faɗin ya yi yawa. Na shekara ina yi wa ajina, yana nuna min yaran da ke cikin haɗari in ja su kusa, amma makin mutum ɗaya takamaimai a'a. Kuma malam ka zana scatter, wato hoton ɗigo-ɗigo na makin tes da na jarrabawa tare da layin hasashen, ka gani da idonka, a nawa yara biyu da ba su zo tes ba aka sa musu sifili su suka kwantar da layin, da na cire su ya miƙe.

Abba: Ni ɗalibi ne, na ci 28 a tes wallahi amma jarrabawa 50 na samu, anya ba a danne min maki ba?

Malama Hauwa: Ba lallai ba Abba. A layin Malam Sani mai 28 kusan 55 ake sa masa rai, ko mai 30 cif 57 ne ba 70 ba, don wanda ya yi sama sosai a tes galibi akwai 'yar sa'a a ciki, a zagaye na biyu yakan ɗan sauko wajen matsakaicin aji.

Malam Sani: Allah ya saka Malama. Dalilin tambayar, wata yarinya ce ta kwanta asibiti ranar jarrabawa, tes ɗinta 25, shugaban makaranta yana cewa a sa mata 51 ɗin.

Baban Walid: A sa mata mana, ya fi sifili ai.

Malama Hauwa: Da kuskuren maki 8 sama ko ƙasa, kuma layin na ajin bara ne? Ni dai gara a sake mata jarrabawa in ta warke.