Neman shawara: yadda zan ware wuraren daɗi daga bidiyon wasan ƙwallo

Hamadu, Garwa: Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina ɗaukar wasannin gasar hutu ta unguwarmu da waya ɗaya bisa ƙafa, kuma ina so kwamfuta ta riƙa ware mini wuraren da aka ci ƙwallo. Na sa ta yanko duk inda ƙara ta yi yawa da inda hoto ya canja, sai ta ba ni yanki 64, yawancinsu ganga da iska, ga shi ta tsallake ƙwallon da baƙi suka ci. Ina kuskurena yake?

Alhaji Sali, Marwa: Wa alaikumussalam. Ɗana, ka sayi makirufo mai soso ka maƙala wa mai sharhi a wuyan riga, hayaniyar 'yan kallo za ta ragu sosai. Haka muke yi a wurin wa'azi, kuma murya tana fita tas.

Malam Usmanu, Injamena: Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya, amma hayaniyar nan ita ce abin da Hamadu yake farauta, idan ya kashe ta ya kashe shaidarsa. Hamadu, ina kyautata zaton ka kafa iyaka ɗaya tun daga farkon wasa har ƙarshe, ka ce duk abin da ya haura ta a yanko. Fili ba ya zama da ƙara ɗaya. Da la'asar mutane ƙalilan ne, kafin a tashi kuwa an cika maƙil, don haka surutun minti na 80 yana iya fin ihun minti na 10 ƙarfi. Abin da ya kamata ka auna shi ne yadda ƙara ta yi tsalle daga inda take ɗazu. Ka fara fitar da sautin, ka zubar da ƙasansa, wato sashensa mai kauri inda rugugin iska da na ganga suka fi zama, sannan ka auna ƙarfin kowace daƙiƙa da ffmpeg, manhajar sarrafa bidiyo da sauti:

```
ffmpeg -i wasa.mp4 -vn -ac 1 -ar 16000 -af highpass=f=300 sauti.wav
ffmpeg -i sauti.wav -af "asetnsamples=n=16000,astats=metadata=1:reset=1,ametadata=print:key=lavfi.astats.Overall.RMS_level:file=kara.txt" -f null -
```

Wasan minti 90 zai ba ka lambobi 5400 a fayil ɗin kara.txt, a ma'aunin ƙarfin sauti na desibel, kuma wadda ta fi kusa da sifili ita ta fi ƙara. Ga kowace daƙiƙa, ka jera lambobin minti 2 da suka gabace ta daga ƙarami zuwa babba, ka ɗauki na tsakiya a matsayin ma'auni. Na fi son na tsakiya a kan matsakaicin lissafi, domin ihu ɗaya mai ƙarfi ba ya jan sa sama. Ni nakan fara da sharuɗɗa biyu, wato ƙara ta haura ma'aunin da desibel 6, wanda yake daidai da ninkin girman sautin, kuma ta daɗe a can aƙalla daƙiƙa 5, daga nan in gyara gwargwadon filin.

Bari in nuna maka da wasan da na yi aiki a kansa. A minti na 37 ma'auni yana kan -28. Wani yaro ya busa bubuzela dab da wayar, lamba ta tashi zuwa -15, amma bayan daƙiƙa 2 ta koma, saboda numfashinsa ya ƙare. A minti na 52 kuwa lamba ta hau -19 kawai, ta zauna daƙiƙa 11 tana sauka a hankali, kuma a nan ne aka ci ƙwallo. Wanda ya bi tsananin ƙara zai ɗauki yaron ya bar ƙwallon. Sannan ka tuna cewa ihu yana zuwa ne bayan abin ya faru, saboda haka ka fara yanka daƙiƙa 15 zuwa 20 kafin tashin ƙarar, in ba haka ba murna kaɗai za ka samu babu bugun da ya jawo ta.

Buba, Ngaundare: Ni a ganina canjin hoto ya fi sauti amana. Na gwada shi a kan wasannin kofin nahiyar Afirka da aka buga a filin Rumde Ajiya na Garwa a Janairun 2022, kuma duk inda aka ci ƙwallo hotuna suna sauyawa a jere, daga fuskar ɗan wasa zuwa 'yan kallo zuwa maimaici. Ga abin da na yi amfani da shi:

```
ffmpeg -i wasa.mp4 -vf "select='gt(scene,0.4)',showinfo" -f null -
```

Ka rage lambar 0.4 ɗin zuwa 0.2 idan bai kama komai ba.

Malam Usmanu: Buba, abin da ka gani gaskiya ne, amma aikin gidan talabijin ka gani. A can akwai kyamarori da yawa da mutumin da yake zaune yana sauya su, kuma hannunsa ne kake aunawa. Wayar Hamadu ɗaya ce, babu wanda yake yanka komai. Wannan lamba daga 0 zuwa 1 tana kwatanta hoto da wanda ya gabace shi ne kawai, don haka abin da zai ɗaga ta a wurinsa shi ne mai sayar da ruwa da ya gifta gaban wayar, ko juyawar da Hamadu ya yi da sauri. Idan ya rage ta zuwa 0.2, yankunan banza ne za su ƙaru. Amfaninta zai zo ne ranar da ya samu kyamara ta biyu da na'urar sauya hoto, kuma ko a lokacin gara ya ƙirga yawan canji cikin daƙiƙa 30 da suka biyo bayan ihu, ya mai da shi shaida ta biyu.

Hajiya Asta, Marwa: Ni bukukuwa nake ɗauka, kuma na taɓa shan wahala irin wannan. Na so guɗa ta nuna mini shigowar amarya, amma da na duba lambobin sai na ga kusan duk ɗaya suke, ba su wuce tazarar desibel 3 ba. Ashe wayar ce take daidaita ƙarar da kanta, idan an yi ihu ta danne, idan an yi shiru ta ɗaga. Ƙanena, ka saurari bidiyonka da abin kunne. Idan ka ji bayan ihu sauti ya nutse, sannan surutu da ƙugin janareta sun kumburo a hankali, to wayarka tana yin haka, kuma sharaɗin desibel 6 na Malam ba zai taɓa cika ba. Ni sai da na koma ɗaukar sauti da ƙaramar rakoda da nake saita ƙarfinta da hannu.

Hamadu: Na gode, Hajiya, na duba kuma tazarar tana nan, ta kai desibel 12. Malam, da hanyarka yankuna sun sauko zuwa 14, ƙwallayenmu biyu suna ciki, har da bugun da ya daki turke. Ƙwallon baƙi dai har yanzu babu shi.

Malam Usmanu: Ba zai fito ta hanyar ihu ba, domin baƙin nan ba su zo da jama'a ba, kuma wayarka tana cikin 'yan gida. Kana iya neman akasin haka, wato inda ƙara ta faɗi ƙasa da ma'auni farat ɗaya ta daɗe, amma hakan yana faruwa kuma idan ɗan wasa ya ji ciwo, ko idan masu ganga sun tsaya hutawa. Na gwada sau biyu, sau ɗaya ya kama, sau ɗaya ya ba ni lokacin da aka fitar da gola.

Buba: To me zai hana a bi usur ɗin alƙalin wasa? Ai bayan kowane ci sai an busa a take daga tsakiya.

Hajiya Asta: A filin unguwa yara nawa ne suke riƙe da usur a bakin layi, Buba? Hamadu, kafin su gama wannan muhawara, ka ba wani yaro takarda da agogo ya riƙa rubuta mintin kowane ci a wasan Asabar, ka kwatanta da yankunan da za ka samu, ka faɗa mana nawa suka dace.