An ce min "hawa ya ƙaru, tazara tana nan", ni ban gane ba

Ummu Hanan, Gadarif:
Salamu alaikum yan uwa, dan Allah masu ilimin ijtima'i, wato nazarin zamantakewa, ku taimaka min kafin imtihan. Ustaz ɗinmu ya ba mu jadawali biyu na gwaji, shi ya ƙirƙiri lambobin ba na wata ƙasa bane, kowanne maza 1000, aikin uba da aikin ɗa.

```
Na farko        ɗa ofis   ɗa aikin ƙarfi
uba ofis           60          40
uba aikin ƙarfi   180         720

Na biyu         ɗa ofis   ɗa aikin ƙarfi
uba ofis           75          25
uba aikin ƙarfi   300         600
```

Na rubuta cewa a na biyu an fi adalci tunda yaran talakawa 300 suka hau maimakon 180, ya ja min jan biro ya ce hirak muɗlaƙ ne ya ƙaru, hirak wato motsin ɗa daga matsayin ubansa, hirak nisbi bai motsa ba. Ina na kuskure?

Abu Yasir, Jidda:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Ni dai a ganina ke ce da gaskiya, kuma ga hujja. A na farko ɗan mai ofis 60 cikin 100 ne ke samun ofis, ɗan lebura 180 cikin 900 wato 20 cikin 100, kinga ninki 3 kenan. A na biyu 75 ne da 33, ki raba za ki samu ninki 2 da kwata. To tazara ta ragu mana, daga 3 zuwa 2.25, ki koma ki nuna masa, malamai ma suna kuskure wlh.

Malam Abu Safiyya, Kasala:
Abu Yasir a yi haƙuri kar ka tura yarinya ta je ta ƙara shan jan biro. Lissafinka daidai ne amma ƙofa ɗaya ka leƙa, ɗakin kuwa ƙofa biyu gare shi.

Ummu Hanan ɗauko takarda mu bi a hankali. Kafin ki duba cikin jadawalin ki fara duba bakinsa, wato jimlar kowane layi. A duka biyun iyaye masu ofis 100 ne kacal. Amma yara masu ofis a na farko 240 ne, a na biyu 375. To tsaya a nan ki yi tunani. A na biyu ko da ace masu ofis sun yi rufa-rufa, duk yaransu 100 sun gaji kujera ba wanda ya faɗo ko ɗaya, saura kujeru 275 wa zai zauna a kai? Dole yaran leburori, don babu wasu. Wannan hawan ba wai an buɗe wa talaka ƙofa bane, gini aka ƙara, an yi makarantu an yi asibitoci da bankuna ana neman ma'aikata. Shine muɗlaƙ ɗin da ustaz ɗinki yake nufi, ki ƙirga kawuna kawai, nawa suka bar inda ubansu yake. Na farko 180 sun hau 40 sun sauko, 220 cikin 1000. Na biyu 300 da 25, 325 cikin 1000. Ya ƙaru sosai, kuma a nan ba ki yi kuskure ba ko kaɗan. Kalmar adalci ce ta ja miki.

Nisbi kuma wata tambaya ce daban, idan aka tsayar da ɗan mai ofis da ɗan lebura a layi ɗaya, wa ya fi wa dama kuma da ninki nawa. Ga yadda ake yi. Ki ɗauki yaran masu ofis a jadawali na farko, 60 sun samu 40 sun rasa, ki raba 60 da 40 ya ba ki 1.5. Yaran leburori 180 sun samu 720 sun rasa, ya ba ki 0.25, wato duk mutum ɗaya da ya samu huɗu sun rasa. Sai ki raba 1.5 da 0.25, shida kenan. Wannan shine nisbatul arjahiyya da ke cikin muzakkirarku, takardun darasinku, littattafan turanci ods reshiyo suke ce masa. Yanzu ki yi wa na biyu.

```
(60/40) / (180/720) = 1.5 / 0.25 = 6
(75/25) / (300/600) = 3 / 0.5 = 6
```

Shida can shida nan. Damar ɗan lebura ta ninka biyu, daga 0.25 zuwa 0.5, amma ta ɗan mai ofis ita ma ta ninka biyu daga 1.5 zuwa 3, kamar a ce kogin Gash na nan Kasala ya cika ya ɗaga duk abinda ke kansa, na sama yana nan a sama. Da ace babu ruwan aikin uba da makomar ɗa, lambar 1 za ta fito. Duk yadda ta kusanci 1 to an fi cakuɗuwa.

Abu Yasir, Jidda:
Malam ban ƙi ba amma 3 ɗin nan da ta koma 2.25 fa, ƙarya na yi? Ni dai na ga abu ya ragu da idona.

Malam Abu Safiyya, Kasala:
Ba ka yi ƙarya ba. Juya ka leƙa ɗaya ƙofar, wa ke ƙarewa a aikin ƙarfi. A na farko ɗan lebura 80 cikin 100, ɗan mai ofis 40 cikin 100, ninki 2. A na biyu ɗan lebura kusan 67, ɗan mai ofis 25, ninki 2 da biyu bisa uku. Ka ga ta nan tazarar ma ƙaruwa ta yi, don masu ofis sun ƙara iya tare yaransu daga faɗowa. To da wanne za mu yi hukunci, naka da ya ce ta ragu ko wannan da ya ce ta ƙaru? Ka ninka 3 da 2, shida. Ka ninka 2.25 da biyu da biyu bisa uku, shida dai. Shi yasa masu wannan fanni suka riƙe arjahiyya, tana haɗa ƙofofin biyu, kuma ko a ƙara kujeru ko a rage, in dai dangantakar uba da ɗa ba ta canza ba ita ma ba za ta canza ba. Naka lissafin kuwa dole ya matse idan kujeru suka yi yawa, tunda ɗan mai ofis ba zai wuce 100 cikin 100 ba, rufi ya tare shi.

Kuma ba a takardar gwaji kaɗai hakan ke faruwa ba. A 1972 John Goldthorpe da abokan aikinsa a Oxford sun tambayi maza kusan 10,000 a Ingila da Wales, abinda suka tarar kenan, mutane da yawa sun hau saboda ayyukan ofis da na ƙwararru sun yawaita bayan yaƙin duniya na biyu, amma fifikon ɗan babban gida a kan ɗan lebura kusan yana inda yake.

Hajiya Maman Usama, Makka:
Ni kam duk wannan shida shidan ya fi ƙarfina, amma bari in faɗa muku. Kakanmu da ƙafa ya taso zai zo hajji, ya tsaya a Jazira ta Sudan yana tsintar auduga a hawashar wani, wato gonarsa, bai taɓa mallakar ko fadan ɗaya na gona ba har ya rasu. Babana ya tuƙa lori tsakanin Madani da Sinnar. Yau ɗana yana aikin jinya. In wani ya zo ya ce min wai ba abinda ya canza don wata lamba ba ta motsa ba, wlh sai in ce bai taɓa ganin hannun mai tsintar auduga ba, duk ƙaya ta farfasa yatsu. Ummu Hanan ke dai ki dage ki ci imtihan ɗinki, Allah ya yi albarka.

Malam Abu Safiyya, Kasala:
Hajiya Allah ya ƙara girma, ba wanda ya ce ba abinda ya canza, kuma ni ina tare da ke cewa abinda mutum ke ji a jikinsa da tukunyarsa muɗlaƙ ne. Sai dai tambayar da nisbi ke yi ita ce, jikan mai hawashar da kakanku ya yi wa aiki, shi yana ina yau? In naki ya zama mai jinya nasa ya zama likitan da ke ba shi umarni, to kowa ya hau, amma jeren bai sauya ba.

Ɗan Mai Wurno:
Akwai wani tarko da ni na taɓa faɗawa a bahasina, wato binciken kammala karatu, Ummu Hanan ki kiyaye. Jadawalin nan ana karanta shi a kwance ana karanta shi a tsaye. In kika bi a tsaye a na biyu, cikin masu ofis 375 mutum 300 yaran leburori ne, 80 cikin 100. Sai ki shiga ofis ki tambayi kowa, wannan ya ce ubana manomi wancan ya ce ubana mai ɗaukar kaya a kasuwa, ki fito kina cewa ai ƙasar nan kowa na da dama. Alhali dalilin kawai leburorin ne suka yi yawa, 900 ne fa. In kika bi a kwance sai ki ga ɗaya cikin uku ne kawai na yaransu ya samu shiga. Mai kula da bahasina sai da ya sa na sake babi guda saboda wannan.

Amma Malam ni abinda har yanzu bai kwanta min ba shine rabon gidajen jadawalin, wato yadda ake kasa ayyuka rukuni-rukuni. Mai hawasha da wanda ke masa ƙwadago duk "noma" za a rubuta musu, alhali mu da muka tashi a can mun san tsakaninsu akwai nisa. In ka haɗa su gida ɗaya, ɗan ƙwadago da ya samu gonarsa jadawali zai ce bai motsa ba. Sannan wanda ubansa malamin makaranta ne a Damazin shi kuma yana tuƙin mota a Jidda yana samun ninkin albashin uban, hawa ya yi ko sauka?

Abu Yasir, Jidda:
Hhh ni kake nufi ai, faɗi kawai. A jadawalin aiki na sauko, a na kuɗi na hau.

Malam Abu Safiyya, Kasala:
To ai shi yasa wasu da kuɗin shiga suke aunawa ba da aiki ba. Raj Chetty da abokansa a 2017 sun nuna cewa a Amurka waɗanda aka haifa a 1940 kusan 90 cikin 100 sun fi iyayensu samu, na shekarun 1980 kuwa kusan rabi ne, kuma shima muɗlaƙ ne kar a ruɗe. Maganar rabon gidaje kuwa gaskiyarka, da ka ƙara gidaje yawan masu motsi zai ƙaru ko ba abinda ya faru a ƙasa, don haka ba a gwada jadawali mai gida 2 da mai gida 7. Inda za a sa mai hawasha kam ni da kai sai mun zauna, ni ina ganin a ware shi, akwai masu cewa samunsa a shekarun baya bai kai a ware shi ba.

Ummu Hanan, Gadarif:
Jazakumullahu khairan, na sake lissafin da hannuna shida ta fito sau biyu. Amma Malam tun da aka fara yaƙin nan na Sudan a 2023 ma'aikata nawa suka zo garin nan suna sayar da shayi da kayan miya, in aka yi jadawali yanzu kowa ya sauko, kenan zai iya yiwuwa nisbi ya nuna an fi daidaito alhali kowa wahala yake sha?

Malam Abu Safiyya, Kasala:
Zai iya, in na saman sun fi rasa abinda ke hannunsu. Zai kuma iya nuna akasin haka in masu hali ne suka samu fitar da yaransu Alƙahira ko Riyad suka ci gaba da karatu, sai dai su waɗannan ba za ki same su a gida ba balle ki sa su a jadawalin. Ki kai wa ustaz ɗinki wannan tambayar gobe, ina son jin me zai ce.